Karatunmu na mako zai sauya rana da wuri, yaya zan sanar ba a sake ɓatan kai ba?

Assalamu alaikum Anti. Ni ce mai riƙe da rajistar karatun mata da muke yi duk Asabar da ƙarfe 10 na safe a gidan wata Hajiya a Tudun Wada, nan Gusau, shekara shida ke nan. Mu 58 ne: 34 suna WhatsApp, 15 ƙaramar waya gare su, 9 ba su da waya sam. Yanzu tsakar gidan ya yi mana kaɗan, Malama kuma wani uzuri ya shigo mata ranar Asabar, sai kwamiti ya yanke mu koma Alhamis da La'asar a wata Islamiyya a Sabon Gari, daga 20 ga Nuwamba. An ce in rubuta sanarwa. Tsorona shi ne, watan jiya da aka ɗaga karatu sau ɗaya na rubuta "An ɗaga karatu zuwa gobe bayan La'asar", sai wasu suka zo ranar da ba ita ba. Wata dattijuwa ta biya kuɗin Keke ta tarar ba kowa, ta ce mini, "Ɗiyata, ni ba a hwaɗa mani ba." Har yau kunyarta nake ji. Ita Hajiya mai gidan ma ba a gaya mata ba tukuna. Asabar biyu suka rage. Ta ina zan fara?

Wata 'yar'uwa daga Tudun Wada, Gusau

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ajiye wayar nan tukuna, ki ɗauki hijabinki. Aikin farko a gidan Hajiya yake, kuma yau ko gobe ya kamata a yi shi.

Matar da ta yi shekara shida tana sa a share tsakar gida duk safiyar Asabar, a shimfiɗa tabarmi, a cika randa, bai kamata ta ji labarin tashinku a bakin jikarta mai duba mata waya ba. In haka ta faru, duk kyan sanarwar da za ki rubuta ba zai wanke ku ba, kuma ki sani cikin matan nan akwai waɗanda saboda ita suke zuwa. Idan ta ja baya, da su za ta ja. Kada kuma ki tafi ke kaɗai, don ba shawararki ba ce, kuma yaro ba ya kai wa babba irin wannan magana. Malama ce za ta yi gaba, da mace ɗaya cikin manyan kwamiti, ke kina biye da rajista a hannu. A fara da godiya, a faɗi uzurin Malama, sannan a zo kan yawan da aka yi, a nuna mata cewa albarkar gidanta ce ta kai ku ga neman wuri mai faɗi. Gaskiya ce kuwa, ba daɗin baki ba. Ku roƙe ta abu biyu: ta yarda a yi addu'ar rufewa a gidanta ranar Asabar ta ƙarshe, kuma ita ce za ta fara buɗe baki ranar da za a sanar, ko da kalma biyu ce. Idan mata suka ji mai gida da kanta ta ce "na sani, kuma na sa albarka", rabin tsegumin ya mutu a nan. Ku kuma daidaita tun yanzu wa zai riƙa biyowa ya ɗauke ta ranar Alhamis, domin wadda ta saba karatu yana samunta a ɗaki, fita za ta yi mata nauyi.

Daga nan sai makarantar. Ina fata ba a waya kawai aka yi magana da shugabanta ba. Na gane dalilin zaɓen Alhamis, tunda yawancin Islamiyyoyinmu Alhamis da Juma'a suke hutu, azuzuwa na nan fayau. Amma hutun ba ya hana wani malami tara 'yan hadda, ko a riƙa bitar musabaƙa, ko shirin walimar sauka. Ki je da ƙafarki ranar Alhamis mai zuwa, daidai lokacin da za ku riƙa zama, ki ga yadda wurin yake a wannan sa'ar. Wa ke riƙe da mabuɗi, kuma in ya yi tafiya wa yake bar wa? Ajin da aka ba ku bencin yara ne a ciki ko za a iya shimfiɗa tabarma? Dattijuwa mai ciwon gwiwa ba za ta yi awa guda kan bencin ɗan aji biyu ba. Akwai banɗaki mai ƙofa, akwai ruwa? Idan ajin a bene yake, ki nemi na ƙasa. Sai kin ga waɗannan da idonki za ki sa sunan wurin a takarda, saboda sanarwar da aka fitar aka dawo ana gyara ta ta fi rashin sanarwa rikita mutane: wata za ta riƙe ta farko, wata ta biyu.

Yanzu lokaci, kuma nan nake so ki koma wa kwamiti da magana. "Da La'asar" ba lokaci ba ne da za a tara mutum 58 a kansa. Wata tana jin haka za ta fito ana sallame salla, wata sai ta ɗora sanwar dare, ta zo biyar ta gota, kuma kowace tana da gaskiyarta. A da, da kuke zama da hantsi, babu abin da ke korar ku. In Malama ta ja karatu zuwa sha biyu saura, ba wanda ya takura. Yamma ba haka take ba, Magariba na tsaye a gabanku. A Gusau, cikin kwanakin ƙarshen Nuwamba rana tana faɗuwa wajen 6:05, kusan mafi saurin faɗuwarta ke nan a shekara, alhali a watan Yuli sai bakwai ta ɗan gota. Wato kun zaɓi komawa yamma daidai lokacin da yamma ta fi gajarta. Ki lissafa: mace ta yi La'asar a gida wajen ƙarfe huɗu, ta shirya, ta tari Keke, da ƙyar ta iso kafin 4:30. Idan aka tashi 5:30, saura mata minti 35 ta sami abin hawa ta kai gida kafin a kira salla. Ga shi Alhamis ce, ba za a rasa masu azumin nafila ba, waɗanda buɗa baki ke jira. Don haka awa ɗaya kuke da ita, 4:30 zuwa 5:30, kuma dole Malama ta san haka tun yanzu ta rage yawan abin da take biyawa, ko a mayar da tambayoyi zuwa minti goma na ƙarshe. In an shiga bazara rana ta ƙara tsawo, sai a sake duba lokacin tashi. Kada ki ɗauko jadawalin sallar wani gari ki yi aiki da shi. Na Kano yana gaban na Gusau da kimanin minti bakwai, na Birnin Kebbi kuma yana bayanku da kusan goma.

Lokacin tashi ya shiga cikin sanarwa, ba na farawa kaɗai ba. Dalili shi ne takardar nan masu karanta ta biyu ne: matar, da maigidanta. Izinin da mafi yawansu suke da shi na Asabar da safe ne, a gidan da aka sani cikin unguwa. Sabuwar rana, sabon wuri, ga kusantar Magariba, sabon izini ke nan. Tambayar da za a yi mata a gida ba ta wuce uku: ina ne, wa ke koyarwa, ƙarfe nawa za ki dawo. Idan amsoshin suna cikin saƙon, miƙa masa wayar kawai za ta yi. Idan babu, sai ta shiga kame-kame, shi kuma ya ce bari a gani, daga bari a gani sai ki ga layinta a rajista ya zama fari fat. Shi ya sa ma Asabar biyun da suka rage ba su yi yawa ba. Mai miji matafiyi, ko direba ko ɗan kasuwa, tana bukatar kwanakin.

Mu dawo kan abin da ya cije ki a watan jiya, domin cikin 'yan kalmomin nan akwai tarko har uku, kuma kowa na faɗa musu. "Gobe" kalma ce da ke tafiya tare da ranar da aka karanta ta. Ke kin rubuta da dare, wata ba ta sayi data ba sai washegari, wata kuma turo mata aka yi bayan kwana biyu, kuma saƙon da aka turo ba ya ɗauke da ranar da aka fara rubuta shi. Haka "jibi", haka "wannan satin", haka "Alhamis mai zuwa", wadda kullum sai an tambaya: ta jibi ko ta sama? Sai "an ɗaga". A kunnen Bahaushe abin da aka ɗaga zai dawo mazauninsa. In kika yi amfani da ita a wannan karon, mata za su zo Alhamis ɗaya, Asabar ta zagayo su nufi gidan Hajiya. Kalmar da kike bukata ita ce "ya koma", ki kuma ƙara da "daga yanzu" ki faɗi ƙarara cewa na Asabar ya tsaya. Na uku shi ne "bayan La'asar", mun riga mun gama da shi.

Akwai tarko na huɗu da bai same ki ba, amma ni ya taɓa kama ni, tun ina amarya. Aka ce in gaya wa matan layinmu za a yi wa'azi daren Juma'a. Na bi gida-gida na faɗa. Tsofaffi suka hallara ranar Alhamis bayan Isha'i, domin a lissafinmu dare ke gaba da yini, daren Juma'a shi ne wanda in gari ya waye Juma'a ce. 'Yan boko kuma suka zo washegari da daddare suka tarar an naɗe tabarmi tun jiya. Tun daga ranar ban sake cewa daren kaza ba, sai dai in ce ranar kaza da daddare. Tunda karatunku ya koma yammacin Alhamis, ki kula kada wata ta juya shi a baki ya zama "na daren Juma'a".

Kwanan wata kuma, ki rubuta sunan rana tare da kwanan watan Bature, su biyun a haɗe, don in ɗaya ya shige wa mutum duhu ɗayan ya fitar da shi. Na san za a so a ga na Musulunci a sanarwar karatun addini. Matsalar ita ce kalandar da ke rataye a bango lissafi ce, watanmu kuma sai Fadar Sarkin Musulmi ta sanar da ganinsa, sau da yawa a sami bambancin kwana ɗaya. In za ki sa, ya zo a bayan na Bature, kuma sai kin tabbatar da shi daga sanarwar ganin wata.

Ga yadda zan rubuta da ni ce ke. Na bar gurbin sunaye, kwatancen kuma misali ne, ki sa naku na gaskiya:

Assalamu alaikum wa rahmatullah.
Karatunmu na mako ya koma ranar ALHAMIS, ƙarfe 4:30 zuwa 5:30 na yamma, a makarantar Islamiyya ta ……, Sabon Gari, Gusau.
Za a fara ranar Alhamis, 20 ga Nuwamba, kuma haka zai ci gaba duk mako.
Zama na ƙarshe a gidan Hajiya shi ne Asabar, 15 ga Nuwamba, ƙarfe 10 na safe. Daga shi babu sauran karatun Asabar.
Kwatance: a sauka a bakin masallacin ……, a shiga layin da ke hannun dama, ƙofa ta uku mai koren fenti, daura da injin markaɗe. Aji na farko in an shiga.
Malama …… ce za ta ci gaba da koyarwa, daga inda aka tsaya a babin ƙabli da ba'adi. A zo da littafi da abin shimfiɗa.
Muna godiya ga Hajiya da iyalanta, Allah Ya saka musu da alheri.
Wadda ta gani ta amsa da sunanta. Mai tambaya ta kira …… a lamba ……
Daga kwamitin karatu, da izinin Malama. An rubuta ranar Asabar, 8 ga Nuwamba.

Ki lura sabon abu ne a layin farko bayan sallama. Mun saba buɗe takarda da doguwar shimfiɗa, yabo da salati da fatan kowa na lafiya, kuma abu ne mai kyau a wasiƙa. Amma mace na tsaye a madafa, yaro a baya, ta leƙa waya da hannu ɗaya. Layi biyu na sama za ta gani. In addu'a ce ta cika su, za ta ce amin ta ajiye, a zatonta irin saƙon barka da Juma'a ne. Ki lura kuma ban faɗi dalilin tashi ba. Dalili a baki za a faɗe shi, a zaure ɗaya da Hajiya. "Saboda ƙarancin wuri" in ya shiga rubutu ya zaga gari, wata rana zai dawo mata a matsayin an ce gidanta ya yi kaɗan. Tsohon lokaci ma sau ɗaya na ambace shi, can ƙasa, a jimlar da ke cewa ya ƙare. Idan kika jera tsoho da sabo a layi guda, "daga Asabar 10 zuwa Alhamis 4:30", ido na iya ɗauko rana daga nan ya ɗauko lokaci daga can, sai ki ga mace Alhamis da hantsi a ƙofar makaranta.

Kwatancen nan ki ba shi haƙƙinsa. Sunan makaranta kaɗai ba ya kai mutum, don Islamiyyoyi da yawa sunayensu na kama da juna, mutanen unguwa kuma galibi da sunan mai makarantar suke kiranta, ba da abin da ke rubuce a allo ba. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: ki tsayar da mai Keke ko ɗan kabu-kabu a Tudun Wada, ki karanta masa kwatancen kamar yadda kika rubuta, ki ga ko zai ce ya gane. In ya ce "wane masallacin?", da sauran aiki. Abin da za a gaya wa mai abin hawa daban, abin da mace za ta bi da ƙafa bayan ta sauka daban, kowanne ya samu jimlarsa. Hoton ƙofar makarantar ma yana taimakon masu babbar waya ƙwarai.

Faɗin rana da wuri tare ba sabon abu ba ne a karatun mata. Ya zo a Bukhari, daga Abu Sa'id Al-Khudri, cewa da wata mata ta roƙi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ware wa mata rana ya koyar da su, sai ya ce su taru rana kaza a wuri kaza, suka taru, ya je ya koyar da su. Malama za ta iya buɗe sanarwar ranar Asabar da wannan, ta fi ni sanin lafazinsa.

To an rubuta. Saura isarwa, kuma a nan ne nake ganin ainihin kuskuren watan jiya yake, fiye da kalmomin. Kin saka saƙo inda mutum 34 suke, kika ɗauka 58 sun ji. Mutum 24 suna waje, kusan biyu cikin kowane biyar, kuma su ne tsofaffi da marasa hali, waɗanda asarar kuɗin Keke ta fi yi wa ciwo. Cikin 34 ɗin ma, alamar an karanta ba shaida ba ce. In kika danna saƙon kika shiga `Info` za ki ga sunayen waɗanda suka buɗe, amma ba zai gaya miki ko uwar ce ta buɗe ko ɗanta mai neman wasa a waya ba.

Saboda haka rajistarki ita ce kayan aikin. Ki ja layi biyu a gefen sunaye, ɗaya na "an gaya mata", ɗaya na "ta maimaita". Ranar Asabar 8 ga wata, Malama ta sanar da bakinta, kuma a tsakiyar zama, ba a ƙarshe ba. A farko rabin mutane ba su iso ba, a ƙarshe kuwa ana neman takalma, masu goyo sun riga sun fice. Ta faɗa, ta sake faɗa, sannan ta tambayi mutum biyu ko uku daga bayan sahu: wace rana, ƙarfe nawa, a ina? Za a yi dariya, amma zai zauna. Duk wadda ke wurin ki yi mata alama. Waɗanda ba su zo ba a ranar su ne aikinki na mako.

Kada ki ce ke za ki bi su duka. Ki raba sunayen 58 gida shida bisa unguwa ko layi, kowane kaso mutum tara ko goma, ki ba mace ɗaya mai zafin nama a cikinsu. Ita za ta kira nata, ta taka zuwa gidan marasa waya, ta dawo miki da amsa kafin Laraba. Tsari ne da ƙasar nan ta san shi tun zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu, lokacin da kowace tawagar 'yan taru take da jajinta mai kai karatu da saƙo ga matan garinsu. Ku a Zamfara ma kun ga amfaninsa: da aka rufe layukan waya a jihar a watan Satumba na 2021, ai da ƙafa da baki aka riƙa isar da sanarwar suna da ta jana'iza. Abin da za ki ja wa masu kai saƙon kunne a kai shi ne kada su tambayi "kin ji an canza karatu?", don amsar kullum "na ji" ce. Su ce, "Inna, yaushe ne karatun yanzu?" Sai ta faɗi Alhamis, huɗu da rabi, Sabon Gari, sannan a cika layi na biyu. Wadda aka bar wa sallahu wurin kishiya ko yaro, ba a gaya mata ba tukuna.

Masu WhatsApp ki tura musu rubutun da yammacin wannan Asabar ɗin, bayan an sanar a baki. Ki bi shi da saƙon murya, don akwai masu waya da karatun boko bai zauna musu ba. Muryar kada ta kai minti ɗaya, kuma rubutun za ki karanta kalma da kalma, kada ki ƙara bayani daga ka, nan ne "gobe" ke sake kutsowa. Ki maƙale saƙon a sama da `Pin`, ki zaɓi kwana 30, in ba haka ba kafin dare sanarwar biki da tallan atamfa sun binne shi. Masu ƙaramar waya 15 kuwa kira ya fi, amma ki bi kiran da gajeren tes wanda za su nuna a gida. Ga wani abu da ba kowa ya sani ba: tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar kin sa harafi mai lanƙwasa irin ƙ ko ɗ, sai ya koma 70, saƙon ya rabu biyu ko uku, a ci kuɗinki ninki, wasu tsofaffin wayoyin kuma su nuna akwati a gurbin harafin. A nan kaɗai na yarda a zaɓi kalmomin da ba su da lanƙwasa:

Salam. Karatun Malama ya koma ALHAMIS 4:30-5:30 na yamma, Islamiyyar ……, Sabon Gari, daga 20 ga Nuwamba. Ba karatu Asabar daga 22. Amsa: Na gani.

Ranar Asabar 15 a sake sanarwa, a yi addu'ar gidan Hajiya, ki kuma raba 'yan takardu da aka rubuta rana da lokaci da kwatance da manyan baƙaƙe. Rabin fallen littafin rubutu ya isa, a soke shi cikin littafin karatu. Wadda ajami ta iya, a rubuta mata da ajami. Laraba 19 da yamma a tura tunatarwa ta layi ɗaya. A nan za ki iya cewa gobe, muddin kin haɗa da "Alhamis 20 ga wata".

Ki sa rai wasu za su ce sabon lokacin bai yi musu ba. Ma'aikaciyar da ke tashi ofis ƙarfe huɗu, da mai yara a makarantar boko da ba sa dawowa da wuri, da wadda ranar girkinta ke faɗowa Alhamis. Kada ki yi gardama da su, kada kuma ki yi musu alkawarin za a duba, wannan ba hurumin mai rajista ba ne. Ki rubuta sunayensu da uzurinsu ki miƙa wa Malama. In mutum huɗu ne ko biyar, a haɗa su da wadda za ta riƙa biya musu abin da aka karanta. In sun doshi ashirin, to kwamiti ne ya yi gaggawa, kuma gara ya sani kafin 20 ga wata.

Dattijuwar nan kuma, kunya ba ta biyan bashi. Ki sa sunanta a kasonki, ki je gidanta da kanki tun kafin sanarwar ta fita. Kada ki tsaya bayanin cewa kin saka a waya, ta riga ta ba ki amsar wannan. Ki ce, "Inna, wancan karon laifina ne, ki yafe mini, ga shi yau na zo da ƙafata." Kuɗin Keken da ta yi asara, in kika miƙa mata a hannu ba za ta karɓa ba, ki biyo ta ranar Alhamis ta farko ku tafi tare, ki riga ta biyan mai Keke.

Ranar farko ki riga kowa isa da rabin awa, ki tabbatar an buɗe, an share, ki tsayar da yarinya mai hijabin da za a gane a bakin masallacin da ake sauka, ta riƙa nuna layi har biyar saura kwata. Sannan Asabar 22 ga wata, duk abin da kuka yi, sai wata ta zo gidan Hajiya da ƙarfe goma, ko wadda ta yi tafiya, ko mai jego da ta fito, ko wadda ƙafa ta saba ta kawo ta. Ki roƙi Hajiya izini ki zauna a zaurenta daga goma saura kwata zuwa sha ɗaya, da ragowar 'yan takardun nan a jaka. Asabar ta bayanta ma a samu wata ta zauna.